Mun zauna sau uku, maganar mota ta hana mu rabuwa lafiya

Assalamu alaikum Malam. Ni da yayana muna cinikin albasa a Garwa shekara 8, jari da riba rabi da rabi. Yanzu za mu raba. Ni ke tuƙa babbar motarmu, ita nake so, shi kuma ya riƙe rumfa, wadda muka yarda ta kai sefa miliyan 4. Yaya ya ce mota miliyan 10 ce, ni na ce 7, don injinta ya kusa sauka, gyara kuma zai ci miliyan 2. Ya ce ƙalau take, so nake in cuce shi. Muna da buhu 300 a sito, yau buhu 15,000 ne. Ina so a sayar, shi yana so a jira tsada. Akwai kuma bashin miliyan 2 da muke bin wani a Duwala. Mun zauna sau uku, na ƙarshe ya tashi ya bar ni. Damina ta shigo, iyalanmu sun daina gaisawa. Yaya zan yi?

Wani ɗan kasuwa, Garwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sanyaya zukata.

Kada ka sake kiran zama a kan kuɗin mota. Idan ka kira na huɗu a kan wannan lamba ɗaya, yadda na uku ya ƙare haka zai ƙare, domin duk sefa ɗaya da ka samu daga aljihun yayanka ta fito, kuma duk wanda ya sauko a cikinku zai ji an kayar da shi. Babban wa ba ya son a ce ƙaninsa ya kayar da shi a gaban mutane, ko da a ransa ya san akwai gaskiya a maganarka.

Fara da lissafin da nake zaton babu wanda ya yi a cikinku. Rabin motar naka ne tun farko, rabin rumfar ma haka. Abin da za ka biya shi ne rabin bambancin da ke tsakanin su biyu. In mota miliyan 7 ce, bambancin miliyan 3 ne, ka ba shi miliyan ɗaya da rabi. In miliyan 10 ce, bambancin 6 ne, ka ba shi miliyan 3. To ashe abin da ya raba ku miliyan ɗaya da rabi ne kawai. Yanzu je sito da sassafe, ka sa a sauke buhu biyar daga ƙasan jeri da na jikin bango, a zazzage su. Danna wuyan albasar da babban yatsa. Wadda ta yi laushi, ko ta fara tsiro, ko ta jiƙa buhu ta bar baƙin tabo a ƙasa, ware ta gefe ka ƙirga. In kashi ɗaya cikin goma na buhu 300 ya lalace, 450,000 sun tafi a farashin yau, kuma ruɓa ba ta jira ku shirya. Wannan asarar taku ce ku biyu. Ita ce hujjar da za ka koma wa yayanka da ita, don ba ta zargin kowa.

Abin da zai buɗe maganar shi ne ku daina yanke abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ku ɗaure su wuri guda. Dalili kuwa ba ku damu da abubuwa iri ɗaya ba, kuma ba ku hango gaba iri ɗaya ba. Kai kana tsoron albasa, shi yana kwaɗayinta. Kai kana tsoron inji, shi ya amince da shi. Kuma ina kyautata zaton akwai wani abin da bai furta ba. Mutumin da ya shekara 8 yana da mota a ƙofar rumfa zai wayi gari yana bin direbobi yana roƙo a lokacin kaka, sa'ad da kowane ɗan albasa daga Marwa har Garwa ke neman motar da za ta sauka kudu. Miliyan 10 da ya kafe a kai, wataƙila rabinta kuɗin mota ne, rabi kuma kuɗin wannan tsoron. Tambaye shi, ko ka sa a tambaye shi.

Ga yadda zan ɗaure kayan da ni ne kai. A yanka wa mota miliyan 9. Bambanci da rumfa miliyan 5 ke nan, abin da ke kanka miliyan 2 da rabi. A raba albasa buhu 150 kowa, a raba ta da gaskiya, jeri-jeri, kada wani ya kwashi ta sama ya bar wa wani ta ƙasa. Daga naka ka ba Yaya buhu 100 a farashin yau, miliyan ɗaya da rabi ke nan ka biya ba tare da ka nemo ko sisi ba. Kai ka rabu da kayan da kake tsoro, shi ya samu kayan da ya yi imani za su ninka kafin ƙarshen damina. Buhu 50 da suka rage ka sayar a makon nan, 750,000 su zama kuɗin mai da taya. Sai ka yi masa alkawari a rubuce cewa a kaka mai zuwa kayansa ne farko a motarka, kuma a lodi biyar na farko ka rage masa 100,000 kowanne. Waɗannan 500,000 daidai suke da abin da ya bari sa'ad da ya sauko daga miliyan 10 zuwa 9, tunda rabin miliyan ɗin ne nasa. Zai iya cewa a kasuwa bai sauko ba, kuma bai yi ƙarya ba. Kai kuma ka samu lodi tabbatacce a shekararka ta farko kai kaɗai, wanda sabon mai mota ke kwana yana nema.

Na san abin da ke ranka: ta yaya za ka yarda da miliyan 9 a kan injin da ka san yana shan mai yana hayaƙi? Nan ne sharaɗi ke shigowa, kuma shi ne wurin da nake so ka fi natsuwa.

Ku biyu kuna musu a kan abin da bai faru ba tukuna. Ba ka da hanyar tabbatar masa yau cewa injin zai sauka, shi ma ba shi da hanyar tabbatar maka ba zai sauka ba. To ku bar musun, ku rubuta abin da za a yi a kowane hali. Saura miliyan ɗaya ke kanka, a jinkirta ta wata shida, a rubuta ranar. Yaya kuma ya ɗauki alkawarin cewa in injin ya buƙaci a sauke shi a cikin waɗannan watanni, zai ɗauki rabin kuɗin gyara, har iyakar miliyan ɗaya, a cire daga abin da yake binka. Duba abin da hakan ya haifar. In kai ke da gaskiya, gyara ya ci miliyan 2, abin da ka biya shi, in ba a haɗa da ragin kuɗin lodi ba, miliyan ɗaya da rabi ne, wato daidai da farashin miliyan 7 da ka nema tun farko. In shi ke da gaskiya, ka cika masa miliyan ɗinsa, kuma ba ka yi asara ba, tunda motar da ke hannunka lafiyayya ce. Kowa ya sa hannu yana riƙe da ra'ayinsa, ba wanda aka ce masa ya yi ƙarya.

Sharaɗi kuma yana tona abin da ke zuci. Wanda ya tabbata injin ƙalau yake ba zai ji nauyin wannan alkawari ba, domin a ganinsa ba zai taɓa biya ba. In Yaya ya ƙi shi ƙememe, to shi ma yana da shakka. Kai ma ka auna kanka da wannan ma'auni: in ka ji kana ƙyashin miliyan 9 duk da sharaɗin, to ba injin ne damuwarka ba, sauƙin farashi kake nema, kuma gara ka san haka kafin wani ya faɗa maka.

Amma sharaɗin da ba a ɗaure shi da kyau ba sabuwar rigima ce da aka ajiye wa wata shida. Abu na farko da ke ɓata shi shi ne kalma mai faɗi. "In mota ta lalace" ba magana ba ce, don taya ma lalacewa take yi, birki ma haka. A rubuta inji kawai, kuma aikin da ya kai a sauke shi a buɗe. A rubuta sunan makanikin da zai ce i ko a'a, wanda kuka zaɓa tare, da sunan na biyu ko da na farkon ya yi tafiya. Ku kai masa motar tun kafin sa hannu, ya tayar da ita da sanyin safe, ya dubi launin hayaƙi, ya auna matsin kowace silinda, ya rubuta abin da ya gani. Shuɗin hayaƙi alamar injin yana ƙona baƙin mai ne, kuma wataƙila wannan dubawar kaɗai ta rage muku rabin musun. Abu na biyu ya fi nauyi, kuma a kanka yake. Motar tana hannunka, don haka kai ne ke iya jawo abin da aka yi sharaɗi a kansa. Yaya yana da haƙƙin ya ce: in ka yi mata lodin da ya fi ƙarfinta a hawan dutsen Ngaundare, ko ka ƙi juye mai, ni ne zan biya? Kada ka jira ya faɗa. Kai ka kawo maganin da kanka: juyen mai a garejin wannan makaniki a kan lokaci, da rasit, da iyakar buhunan da za a ɗora. In ka saɓa, alkawarinsa ya faɗi. Shi kuma abin da zai riƙe a kan miliyan ɗinsa shi ne ba za a mai da takardun mota sunanka kai kaɗai ba sai ka cika.

Akwai iyakar addini da ya kamata ka kiyaye a nan, kuma saboda ita na tsara abin haka. Ciniki ba ya inganta in ba a san farashi ba a lokacin ƙullawa. Shi ya sa ban ce ka ba Yaya albasa "a kan duk abin da kasuwa ta kai a watan Satumba" ba, ko da yake mutane na yin haka. Farashin albasa na yau ne, na mota sananne ne, ranar biyan saura sananniya ce, alkawarin gyara kuma yana da iyaka. Hadisi ya zo cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram, kuma aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarce mu da rubuta bashi mai ajali. Duk da haka kai takardar gaban malamin da ya san babin ciniki ya karanta ta kafin ku sa hannu. In ya gyara wata kalma, ku bi gyaransa.

Bashin Duwala kuwa ku cire shi daga ɗaurin nan. Babu mai iko da shi a cikinku, kuma in kuka sa shi ciki za ku ƙara musu na uku a kan ko mutumin zai biya. Ya zauna na ku biyu, duk abin da ya shigo a raba biyu a ranar, a rubuta wanda zai bi shi. Shi ke nan. Ɗauri yana da amfani ne in abubuwan da ke ciki suna biyan juna. Wanda ba ya biyan komai nauyi kawai yake ƙarawa.

Yadda za ka gabatar da tayin ma yana da ka'ida. Ka faɗi tun farko cewa duka tare suke tafiya, ba a gama komai ba sai an gama duka. In ba haka ba, Yaya zai karɓi miliyan 9 da buhu 100, sa'an nan ya ce maganar gyara a bar ta, ka tashi ka ba da naka ba ka karɓi komai ba. Kowace magana ka ɗaure ta da "in": in Yaya ya ɗauki rabin gyara, ni na yarda da 9. Kuma in har zuciyarka za ta iya, kawo tayi na biyu tare da na farko: shi ya ɗauki motar a kan wannan farashi da wannan sharaɗi, kai ka riƙe rumfa. Wanda ya ce mota ta kai 10 aka ba shi a 9 ba shi da bakin cewa an cuce shi, kuma babba ya fi son a ba shi zaɓi a kan a kawo masa abu ɗaya a ce ya karɓa. Amma kada ka furta wannan in ba da gaske kake ba, don yana iya cewa ya ɗauka.

Saura wanda zai ɗauki maganar. Bayan kalmar cuta ta fita tsakaninku, ko zinariya ka kawo da hannunka zai juya ta yana neman inda tarkon yake. Tayin nan zai fi shiga in ya fito daga bakin wani. Sai dai mutane na haɗa aiki uku wuri ɗaya su kira shi "a sa dattijo", daga nan matsala ke farawa. Akwai masani, irin makanikin nan, wanda ake tambaya abu ɗaya ya amsa ya koma gareji. Akwai mai sulhu, wanda ba ya yanke komai, yana dai kai da kawo har ku da kanku ku yarda. Akwai kuma mai hukunci, wanda kuka amince tun farko cewa abin da ya yanke ya zauna. Mu a ƙasar nan mun ga bambancin a fili. Kotun Duniya ta yanke hukunci a rikicin Bakasi tsakanin Kamaru da Najeriya a Oktoban 2002, amma sojoji ba su motsa ba sai da Kofi Annan ya zaunar da Shugaba Biya da Shugaba Obasanjo aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Yunin 2006, wadda ta haɗa janye sojoji da kare haƙƙin mazauna wurin da wa'adin miƙa mulki a takarda ɗaya. Hukunci ya faɗi mai gaskiya, sulhu ne ya nemo yadda za a yi abin ba tare da an wulaƙanta kowa ba. Ku mai sulhu kuke buƙata, ku faɗa masa haka a sarari tun ranar farko, kada ya zo da niyyar alƙalanci.

Wa za ku ɗauka? Ba wanda ya fi kowa girma ba, wanda ba shi da komai a cikin maganar. Dillalin da zai ci la'ada in an sayar da motar bai dace ba. Wanda ɗayanku ke bi bashi, ko wanda ke saye a rumfar, bai dace ba. Kawu ko baffa yana da albarka, amma sau da yawa abin da ya sani shi ne "kai ne ƙarami, yi haƙuri", ka yi shiru a zaure ka fito da ƙulli a ciki, bayan shekara abin ya fashe a wurin suna ko biki. Ku nemi wanda ya san lissafin kasuwa kuma Yaya ke jin kunyarsa: wani dattijo cikin shugabannin 'yan kasuwa da ba ya cinikin albasa, ko liman mai sanin mu'amala, ko wanda Sarkin Hausawa zai nuna muku. Hanya mai sauƙi ita ce kowa ya rubuta suna uku, a ɗauki wanda ya fito a takardun biyu. In akwai abin da za a ba shi na wahala, ku raba biyu, kuma kada ya danganta da yadda aka ƙare.

Roƙe shi ya fara ganin kowa shi kaɗai. A nan ne Yaya zai iya cewa tsoron rasa mota ke damunsa, abin da ba zai taɓa faɗa a gabanka ba, kuma abin da aka faɗa a keɓe ba a kai wa ɗayan sai da izini. Daga nan mai sulhu ya rubuta takarda ɗaya tasa, ya kai wa kowa ya ce: ban ce ka yarda ba, nuna mini inda bai yi maka ba. Ya gyara, ya sake kaiwa. Gyara takardar wani ya fi sauƙi a kan janye maganar da ka yi da bakinka. Za ka gane ya fara karkata in ya riƙa kawo maka buƙatun Yaya kullum ba ya kai naka, ko ya fara cewa ka sa hannu yau don darajarsa. In ka ga haka, gode masa cikin ladabi ka nemi a ƙara mutum na biyu.

Ku sa wa sulhun wa'adi, mako biyu ya isa, kuma ku raba albasar tun yanzu ba tare da jiran sauran ba in maganar ta ja, don ita kaɗai ce ke narkewa. Ku kuma amince tun farko da abin da zai biyo baya in wa'adin ya cika ba a daidaita ba: a kai motar kasuwa, wanda ya fi taya ya ɗauka, a raba kuɗin. Babu mai son wannan a cikinku, kuma sanin cewa yana jiran ku ne zai sa kowa ya sassauta.

In Allah Ya sa an daidaita, a rubuta da Hausa ko Fulatanci yadda kowa zai fahimta, da kuma Faransanci, shaidu biyu su sa hannu, mai sulhu ya riƙe kwafi. Kamaru tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke daidaita dokokin kasuwanci, kuma tun 2017 ƙungiyar ta yi doka a kan sulhu wadda ta ba da damar a kai irin wannan yarjejeniya kotu a tabbatar da ita, ta zama ana iya zartar da ita da ƙarfin doka. Tambayi lauya yadda ake yi. Kada Yaya ya ɗauki wannan rashin yarda. Ka ce masa saboda 'ya'yanku ne, don in ɗayanku ya faɗi kafin wata shidan su cika, takardar ce za ta yi magana.

Kafin duk wannan, je gidansa ka gaishe shi ranar Juma'a, kai da mai ɗakinka, kada ka ambaci mota. In ya taɓo maganar da kansa, ka ce: "Yaya, na duba sito, ta ƙasa ta fara ruwa. Ka zaɓi wanda kake so ya shiga tsakaninmu, ni ma in kawo nawa sunayen."